Tambayoyi da amsoshi: yadda za ka gyara lafazin rubutun da aka yi maka har ya zo daidai

Aikina rubuta wa mutane takardu ne, wasiƙar neman aiki, sanarwar makaranta, takardar ƙungiya, jawabin walima da sauransu, kuma abin da ya fi cinye mana lokaci ni da masu kawo aiki shi ne lafazi, wato yadda maganar za ta faɗa a kunnen mai karantawa. Kuskuren suna ko kwanan wata minti ɗaya ne an gyara. Amma "wallahi bai kwanta min ba" tana iya kai mu sati ana kai da komowa. Ga tambayoyin da aka fi yi min a kan haka.

Na ce masa rubutun bai yi min ba, ya sake, kuma na biyun ma bai yi ba. Laifin wa?

Yawanci na ku biyun ne, amma naka ya ɗan fi. In ka ce "bai yi ba" ko "a ɗan gyara shi ya yi daɗi", ka gaya wa marubuci cewa akwai matsala amma ba ka gaya masa inda take ba, toh shi kuma sai ya hau canki-canka, ya taɓa nan ya taɓa can, wani lokacin ma ya rushe wurin da kake so ya bar wurin da ya dame ka. Sai rubutu na biyu ya zo daban da na farko amma bai matso kusa da abin da ke ranka ba ko kaɗan.

Su ma "ya yi zafi", "ya yi sanyi", "ya yi boko da yawa" ba su wadatar ba su kaɗai. Abin da kai kake kira zafi wataƙila shi a wurinsa magana ce kai tsaye ta mutunci.

Toh me zan ce masa ke nan?

Abu uku a kowane gyara. Ka nuna jimlar da yatsa, ka kwafo ta yadda take. Ka faɗi yadda ka ji da ka karanta ta, ko yadda wanda za a aika wa zai ji. Sannan ka faɗi inda kake so ta nufa da kuma iyakar da za ta tsaya. Misali: "Wannan layin da ka ce duk wanda bai biya ba za a kore shi, da na karanta sai na ji kamar gargaɗin kotu. Ina so su san wa'adin na gaske ne, amma kar su ji an yi musu barazana."

Akwai na huɗu da kusan kowa ke mantawa, shi ne ka faɗi abin da ba a taɓawa. "Gaisuwar farko ta yi, ka bar ta yadda take." In ba ka faɗa ba, marubuci zai ɗauka duka takardar ce ba ka so.

Kuma tun kafin ya fara, ka gaya masa wa zai karanta. Takarda ɗaya in za a ba hakimi, da in za a tura wa iyaye mata a zauren WhatsApp, da in za a karanta ta a lasifikar masallaci bayan sallar Juma'a, lafazi uku ne daban.

A ba mu misali cikakke mana, daga rubutun farko har na ƙarshe

Toh bari mu ɗauki wanda aka yi ta kawo mana bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, lokacin da makarantu masu zaman kansu suka shiga ƙara kuɗi. A ce shugabar wata ƙaramar makaranta ce, Hajiya, ta sa sakatarenta ya rubuta wa iyaye cewa kuɗin zango ya tashi daga naira 18,000 zuwa 24,000 (alƙaluman na misali ne). Ga abin da ya fara kawo mata:

"Ana sanar da dukkan iyayen yara cewa daga zango mai zuwa kuɗin makaranta ya koma N24,000. Wajibi ne kowa ya biya kafin ƙarshen makon farko. Duk yaron da bai biya ba, ba za a bar shi ya shiga aji ba. Sanarwa daga hukumar makaranta."

Babu ƙarya a ciki, babu kuskuren rubutu. Amma babu sallama, babu dalili, kuma ba a ma san wa ke magana ba, "ana sanar" ne kawai daga sama. Hajiya ta karanta ta ce masa, "Malam, wannan ai ya yi zafi, mutanen nan fa maƙwabtanmu ne, a tausasa." Sai ya dawo da wannan:

"Assalamu alaikum iyayenmu masu daraja. Muna matuƙar ba ku haƙuri, wallahi ba a son ranmu ba ne, mun san halin da ake ciki, don Allah ku yafe mana. Idan da hali, wanda Allah ya hore wa ya daure ya taimaka ya kawo N24,000 a zango mai zuwa. Allah ya ba da ikon yi, ya saka muku da alheri."

Kun ga abin da ya faru. Zafin ya tafi, amma ya tafi da saƙon gaba ɗaya. Uban da ya karanta wannan zai ɗauka gudummawa ake nema, wanda ya ga dama ya bayar, kuma wa'adin ya ɓace. Ban haƙuri har sau uku a layi ɗaya kuma yana sa mutum ya fara zargin ko makarantar ta san ba ta da gaskiya ne.

A zagaye na biyu sai Hajiya ta zauna ta rubuta masa haka: "Sallamar da ka sa ta yi, a bar ta. Addu'ar ƙarshe ma a bar ta. Ban haƙurin ya yi yawa, sau ɗaya ya isa. 'Idan da hali' da 'wanda Allah ya hore wa' a cire su, don sun mai da kuɗin kamar sadaka. Ka dawo da wa'adin da ke cikin rubutun farko, amma ba tare da maganar hana yaro shiga aji ba. Ka sa dalili kafin ka ambaci kuɗi. Ka ce 'mu', kar ka ce 'ana'." Rubutu na uku:

"Assalamu alaikum iyayen ɗalibanmu. Da fatan kuna lafiya. Kamar yadda kuka sani, kuɗin mota da na kayan aiki sun tashi, kuma dole ta sa muka ƙara wa malamanmu albashi don kar mu rasa su. Saboda haka daga zango mai zuwa kuɗin makaranta zai zama N24,000 maimakon N18,000. Muna ba ku haƙuri kan wannan nauyi. Muna roƙon a biya kafin ƙarshen makon farko. Allah ya ba da ikon yi, ya saka muku da alheri."

Wannan ya kusa. Abin da ya rage biyu ne, kuma ƙanana. Hajiya ta ce "kamar yadda kuka sani" tana ɗan yi mata kama da ana rufe wa mutum baki kafin ya yi magana, sai aka cire, jimlar ta fara daga "kuɗin mota". Sannan ta ce takardar ba ta bar ƙofa ga wanda ya gaza ba, sai aka ƙara layi ɗaya: "Wanda yake da uzuri ya zo ofis mu zauna kafin wa'adin ya cika." Shi ke nan aka buga.

Abin lura shi ne girman gyaran yana raguwa. Zagayen farko ya juya takardar gaba ɗaya, na biyu ya taɓa jimloli kamar biyar, na uku jimla biyu. In naka yana tafiya haka, kuna matsowa. In a zagaye na huɗu har yanzu ana sake rubuta komai daga farko, toh akwai abin da ba ku fahimci juna a kai ba tun asali.

Me ya sa rubutu na biyu yake yawan wuce gona da iri?

Saboda ka nuna masa hanya ba ka nuna masa wurin tsayawa ba. Ka ce a tausasa, shi kuma yana tsoron kar ka sake dawo masa da ita, sai ya tausasa har ƙarshe. Haka in ka ce a ƙara ƙarfi, sai ya kawo maka takardar da za ta raba ka da abokin kasuwancinka na shekara goma.

Maganinsa ka haɗa umarnin da iyaka. "A tausasa, amma wa'adin ya zauna." "A ƙara girmamawa, amma kar a kai ga kirari." Ko kuma ka yi amfani da rubutun biyu da ke hannunka a matsayin ma'auni, ka ce "tsakanin na farko da na biyu nake so, amma ya fi kusa da na farko". Wannan jimlar kaɗai tana rage aiki sosai, don yanzu marubuci yana da gefe biyu da zai tsaya a tsakaninsu.

Ba gara in tara duk gyare-gyaren in ba shi lokaci ɗaya ba?

Ka tara, amma ka jera su. Farko bayani: kuɗin daidai ne, ranar daidai ce, akwai abin da aka manta? Sai tsari: me zai zo farko, me zai zo ƙarshe. Sai lafazi. Ƙa'idar rubutu, su ɗ da ƙ da ɓ da raba kalmomi da waƙafi, su ne na ƙarshe, don ba amfani ka ɓata lokaci kana gyara waƙafi a jimlar da gobe za a goge ta.

Tsari da lafazi ma a haɗe suke fiye da yadda ake zato. A misalin Hajiya, rabin laushin da aka samu daga sa dalili kafin kuɗi ya fito, ba a canza ko kalma ɗaya mai zafi ba a wannan wurin.

A ɓangaren lafazin kansa, kar ka nemi abu huɗu a zagaye ɗaya. In ka ce ya zama gajere, ya zama da raha, ya zama da girmamawa, ya kuma zama da ƙarfi, wasunsu suna cin karo da juna, kuma in rubutun ya dawo ba za ka san wanne ne ya gyara shi wanne ya ɓata shi ba. Ɗauki wanda ya fi damunka, a gama da shi.

Waɗanne ƙananan abubuwa ne suke canza lafazi a rubutun Hausa? Ina jin matsalar amma ban iya nuna ta

Wannan ita ce tambayar da na fi so, don da zarar ka san wuraren dubawa, gyaranka zai daina zama "bai kwanta min ba".

Fara da wakilin suna. "Ka zo ofis" da "ku zo ofis" da "a zo ofis" saƙo ɗaya ne, amma na farko na tsara ne ko na ƙasa da kai, na biyu akwai girmamawa ko da mutum ɗaya ake nufi, na uku kuma ya kauce wa nuna kowa, shi ya sa ake amfani da shi wurin surukai da manya, "a yi haƙuri", "a duba mana". Sai dai wannan "a" ɗin fuska biyu gare ta. A wurin roƙo ladabi ce, amma a wurin sanarwa, irin "ana sanar da", "an yanke shawara", tana sa takarda ta yi sanyi kamar ba mutum ne ya rubuta ba. In ka ji takardarka ta yi nisa da mutane, ƙirga "an" da "ana" da ke cikinta, ka gwada mai da wasu "mun" da "muna".

Sai kalmomin tilas: dole, wajibi, lallai, "duk wanda". "Duk wanda bai" kusan kullum hukunci ne ke biyo bayanta, kuma mai karatu yana ɗaure fuska tun kafin ya kai ƙarshen jimlar. A ɗaya gefen kuma akwai na sassauci: don Allah, idan da hali, da fatan, in ba damuwa. Ɗaya a wurin da ya dace ta isa. Uku a jere sun zama magiya.

Sai 'yan ƙananan nan da ba a ɗauke su a bakin komai ba, dai, fa, mana, kam, ai. Gwada karanta waɗannan da murya: "a biya", "a biya dai", "a biya fa", "a biya mana". Na uku gargaɗi ne, na huɗu ƙosawa ce, kamar an gaji da jira. "Ai mun faɗa muku" tana ɗauke da zargi wanda "mun faɗa muku" ba ta da shi. Sau da yawa cire "ai" ko "fa" guda ɗaya shi ne duk gyaran da takarda take buƙata.

Sai gaisuwa da addu'a, tsawonsu da wurinsu. Takardar da ta faɗa kan magana ba sallama tana zuwa kamar an banko ƙofa, wadda kuma ta yi layi shida tana gaisuwa kafin ta zo kan batu tana sa mai karatu ya fara tunanin bashi za a nema. Karin magana ma haka, a jawabin biki tana ƙawata zance, amma a takardar neman biyan bashi tana iya zama habaici ko da ba ka nufa ba.

Na ƙarshe, Hausar wane gari. In masu karatunka Sakkwatawa ne ko mutanen Maraɗi, "ɗiyanku" ta fi kusa da zuciyarsu fiye da "'ya'yanku", in kuma takardar za ta zaga ko'ina gara a tsaya kan daidaitacciyar Hausa. Ka gaya wa marubuci wanne kake so tun farko.

Saƙon murya zan tura masa ko in rubuta?

Duka biyun suna da wurinsu. Saƙon murya yana da kyau wurin nuna lafazi, ka ce "ji yadda zan faɗa da bakina", ka faɗi jimlar yadda za ka gaya wa uban yaro in yana zaune gabanka. Marubuci mai kunne zai ɗauki abu da yawa daga nan. Matsalarsa kawai shi ne saƙon minti bakwai da ka yi kana tuƙi, ka faɗi abu a farko ka warware shi a tsakiya, ba wanda zai iya komawa ya nemo wurin. Don haka ka yi muryar gajere, jerin gyaran kuma ka rubuta shi da lamba 1, 2, 3, ta yadda in rubutun ya dawo za ka bi ka ga wanne aka yi wanne aka tsallake.

Mun kai rubutu na biyar, sai na ga na uku ya fi. Yaya zan yi?

Ka koma na ukun, ba abin kunya ba ne, in dai kun ajiye shi. Kar a riƙa gyara a kan fayil ɗaya ana goge na baya. Kowane zagaye a ba shi lambarsa, sanarwa 1, sanarwa 2, haka. In da Word kuke aiki ku kunna Track Changes don ka ga ainihin abin da aka cire da abin da aka ƙara. A Google Docs akwai Suggesting, akwai kuma Version history da zai dawo maka da tsohon rubutu. In a WhatsApp ne kawai, ya riƙa turo kowane sabon rubutu a matsayin sabon saƙo da lamba a samansa.

Kuma in ka koma, ka faɗi dalili: "na uku ya fi, don a na biyar raha ta yi yawa har ta rufe maganar kuɗin." In ba haka ba zai ɗauka ra'ayinka ne kawai yake yawo, daga nan kuma zai daina sa hankalinsa, ya koma yi maka duk abin da ka ce ko da ya san ba daidai ba ne.

Mu kwamiti ne, kowa da gyaransa

Ku zaɓi mutum ɗaya. Ku yi gardamarku a tsakaninku, shugaba yana so a yi zafi, ma'aji yana so a lallaɓa, ku daidaita, sannan mutum ɗayan ya kai wa marubuci matsaya guda. Takardar da aka yi ƙoƙarin faranta wa mutum shida da ita ana gane ta, sakin layi na farko yana roƙo na biyu yana barazana.

Wanda yake rubuta min ya girme ni, ko kuma yana saurin jin haushi. Ta ina zan bi?

Ka ɗora gyaran a kan mai karatu. "Baba, ina tsoron iyayen nan in suka ga wannan layin za su ɗauka kora ce" ta fi sauƙin haɗiya a kan "Baba, wannan layin bai yi ba". Gaskiya ce kuma, don ai saboda su ake rubutun. Ka fara da wurin da ya yi daidai, kuma ka ambace shi takamaimai, don yabon "ya yi kyau sosai amma" kowa ya san abin da ke biyo bayansa.

Ka kuma saurare shi in ya ƙi wani gyaran. Wani lokacin jimlar da kake so a tausasa ita ce riƙe da takardar, kamar wa'adin nan na Hajiya, in ta tafi sai a zo ƙarshen zango rabin iyaye ba su biya ba suna cewa ai ba a sa rana ba.

In har zan yi duk wannan bayanin, ba gara in rubuta da kaina ba?

In takardar layi huɗu ce kuma ka iya, eh, rubuta abinka. Amma in mutumin nan zai ci gaba da yi maka rubutu, bayanin da ka yi yau ba na yau kaɗai ba ne. Ku ajiye 'yar takarda ta abin da kuka daidaita a kai: muna cewa "mu", ban haƙuri sau ɗaya, dalili kafin kuɗi, ba ma cewa "duk wanda". Sanarwa ta gaba sai ta fara daga inda ta baya ta tsaya. Abin da ban so shi ne ka karɓi rubutunsa ka gyara a ɓoye ka buga ba ka nuna masa ba, gobe zai sake kawo maka irin na jiya.

Yaushe zan san ya isa haka?

Ka karanta da ƙarfi, da bakinka, kamar mutumin yana gabanka. Duk inda ka ji ba za ka iya kallon idonsa ka faɗa ba, ko inda harshenka ya sarƙe, akwai sauran aiki. In ka wuce lafiya, ba wa wani wanda bai san zancen ba, zai fi kyau in irin masu karatun ne, a misalinmu wata uwa mai yaro a makaranta, ka tambaye ta abu biyu: me aka ce ki yi, kuma yaya kika ji. In ta ce "an ce in biya dubu ashirin da huɗu kafin ƙarshen satin farko, ban ji daɗin ƙarin ba amma ba su raina mu ba", toh a kai wa mai bugawa. In kuma gyaran da ya rage maka shi ne ka sa "muna roƙo" yau, gobe ka mai da ita "muna fata", jibi ka dawo da ita, wannan ba ya ƙara komai, ka bar takardar ta kwana ka duba ta da safe sau ɗaya ka sa hannu.